Sari Daga Katan Biyu

Shekara tara Afiniki tana niƙa citta a Kafanchan, ba ta taɓa rubuta farashinta a takarda ba. Farashin a bakinta yake, bakin kuma sai ya dubi fuskar mutum kafin ya buɗe. Busasshiyar citta daga Kwoi take zuwa mata, daga gonar ƙannen marigayi mijinta. Ta tsince, ta niƙa, ta tankaɗe, ta zuba a robobi masu jan murfi, giram ɗari biyu a kowace. Roba ashirin da huɗu ke cika katan. Ba ta sayar da ɗai-ɗai, sai ga masu saye su sayar.

Shagon a bayan kasuwa yake, a wani lungu da ko akuya ba ta bi sai ta ɓata hanya. Wanda ya shigo kuma ba ya daɗewa, don garin citta ba ya ɗaga wa hancin kowa ƙafa. Mutum zai yi atishawa uku, ya biya, ya gudu. Tun da mijinta Azariya ya rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsu Serah kuma ta bi miji Legas, Afiniki kan yi wuni guda ba ta yi magana da kowa ba sai injin niƙa, shi ma sai in an kawo wuta. Kaɗaici yana damunta, ta kuma san yana damunta, amma ba mace ba ce da za ta faɗa.

Mutum ɗaya ce ke zama. Sunanta Ijeamaka, amma rabon da wani ya kira sunan an daɗe, Mama Osita kowa ke ce mata. Tsohuwa ce ta haura saba'in, mijinta akawun jirgin ƙasa ne a zamaninsa, ya mutu ya bar ta a tsoffin gidajen reluwe. Ɗanta ɗaya, Osita, yana Inugu. Kowace Alhamis da hantsi za ta shigo da jakarta da laimarta, ta sayi roba shida a kan farashin katan, sannan ta zauna har rana ta karkata. Ba ta atishawa. Ta ce hancinta ya sha hayaƙin kwal tun tana amarya, citta ba ta isa ba. Sukan yi hirar ciwon gwiwa da na 'ya'yan da ba su kiran waya, su raba gasasshiyar masara, wani lokaci su yi aiki tare, Afiniki tana manna takarda a jikin robobi, tsohuwar tana miƙo mata murafu. Tun daga daren Litinin Afiniki ke fara tara labaran da za ta ba ta.

Wanda ya kawo maganar takarda Obiora ne, mai babban kanti a bakin titi, wanda ke ɗaukar katan goma sha biyu duk wata. Ya zo wata Juma'a, ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci.

"Madam, akwai magana," ya ce. "Ni ina kwasa katan goma sha biyu. Wannan mama na reluwe yana ɗauka roba shida. Kuɗi ɗaya kina ba mu. Shi ba haya, ba janareta, ba ma'aikaci. Ranar Lahadi yana sa tebur a ƙofar coci, yana sayar ƙasa da ni sosai. Kastoma na suna ce mini ɓarawo. Wannan bizines ne?"

Afiniki ta ce tsohuwa ce, roba shida me za ta rage masa.

"Ba roba shida ba ne, farashi ne. In mutum ya ga araha sau ɗaya, ba ya mantawa. Ki rubuta lis na farashi. Mafi ƙaranci nawa, mai ɗauka da yawa nawa, sampul yaya. Kowa ya gani, kowa ya bi. In babu, akwai masu niƙa a Kwoi, suna kira na kullum."

Gaskiyarsa ce, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Kuma ba shi kaɗai ba. Wata mai kanti a Abuja ta taɓa cewa a turo mata jerin farashi, Afiniki ta aika mata saƙon murya mai tsawon minti huɗu, rabinsa gaisuwa, matar ba ta sake waiwayarta ba. Wasu kuma sun iya cewa a aiko samfur su gani. Ta aika kyauta, har da kuɗin mota, Kaduna da Jos da Lafiya, daga nan ko na gode babu. Ta tabbata akwai gidajen da suka shekara suna shan shayi da samfur ɗinta.

Ranar Lahadi da aka taso daga sujada ta zauna a tsakar gida da littafin makaranta da biro. Ta yi shekaru tana sakatariyar zumuntar mata ta coci, rubutu ba baƙonta ba ne, amma wannan ya ba ta wuya. Da farko ta rubuta, "Ana sari daga katan biyu, amma in mutum bai da hali a yi magana." Ta karanta, ta ga ta gina katanga ta bar ƙofa a buɗe. Ta soke rabin ƙarshen. Katan biyu ne ƙarami, domin ƙasa da haka wahalar ɗauri da kaiwa tasha ta cinye ribar.

Sai matakan farashi. Ta rubuta biyu zuwa goma, goma zuwa ashirin da biyar, sannan ta tuna Obiora. Mutumin da zai zo da odar katan goma daidai, a wane layi yake? Zai zaɓi mai araha, ita ta zaɓi mai tsada, a yi ta cacar baki. Ta gyara: biyu zuwa tara, goma zuwa ashirin da huɗu, ashirin da biyar zuwa sama. Ta sa dubu sittin, dubu hamsin da bakwai, dubu hamsin da huɗu. Da ta gwada a waya sai ta ga mai ɗaukar ashirin da biyar zai biya ƙasa da mai ɗaukar ashirin da huɗu, wato ta ba shi katan kyauta har da canji. Ta mayar da na ƙarshen dubu hamsin da biyar, ta yi wa kanta dariya ita kaɗai, dariyar ta tsaya a nan don babu mai karɓa.

Kafin la'asar ga abin da ya tsaya a shafin:

Garin citta zalla, ba gauraye. Roba giram 200, roba 24 a katan.
Mafi ƙarancin oda: katan 2. Ba a fasa katan.
Katan 2 zuwa 9: N60,000 kowane katan.
Katan 10 zuwa 24: N57,000 kowane katan.
Katan 25 zuwa sama: N55,000 kowane katan.
Farashin na oda ɗaya ne, ba a haɗa odar yau da ta wani mako. Kuɗin mota na mai saye ne. Farashin nan zai tsaya har ƙarshen wata.
Samfur: roba ɗaya, N3,000, daga niƙan da za a ɗauki odarka. Sau ɗaya ga kowane mai saye. In ka yi oda cikin kwana 30, za a cire kuɗin samfur daga ciki.

Ta daɗe tana kallon layin "Ba a fasa katan." Ta san wa ya hau kansa. Ta ce a ranta ai wannan na baƙi ne, Mama Osita daban take, za ta ja ta gefe ta gaya mata ta ci gaba da zuwa, a yi roba shidan a tsakaninsu, sai dai ta ɗan ɗaga farashi a ƙofar coci. Da ta shirya wannan a zuci sai hankalinta ya kwanta, har ta ƙara wani layi a ƙasa don Obiora ya gani ya yi shiru: "Wannan ƙa'ida ta kowa ce, tsohon kastoma da sabo."

Ta buga shi a waya, ta tura wa duk masu sari da ke cikin jerinta lokaci ɗaya. Sai da saƙon ya tafi ta ga sunan Mama Osita a tsakiyarsu, da alamar an karanta. Ta ɗauki wayar za ta kira, ta rasa da wace kalma za ta fara. Ta ce bari dai Alhamis ta zo, irin wannan magana ido da ido ta fi.

Takardar ta yi aiki, babu musu. Kafin Laraba matar Abuja ta biya kuɗin samfur da na mota. Obiora ya ce yanzu ne aka zama kamfani, ya ce a shirya masa katan ashirin da biyar. Kuma kamar an aiko shi, sai ya zo ɗauka ranar Alhamis da hantsi, da keke napep biyu, ya tsaya a ƙofa yana ƙirga katan da bakin biro.

Ana cikin lodi Mama Osita ta iso. Ta naɗe laimarta, ta gaida Obiora da harshensu, sannan ta juyo.

"Maman Serah, ina kwana. Na ga takarda. Ka rubuta da kyau." Ita kowa "ka" ne a bakinta, mace da namiji. "Maigida na, in yana nan, zai so shi. Kamar taim tebul na jirgi. Babu dogon magana."

"Mama, ki shigo ki zauna," in ji Afiniki.

"Zan shiga. Amma in saya tukuna." Ta kwance bakin zanenta ta fito da dubu uku, ta shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. "Sampul. Roba ɗaya. Takarda ya ce kowa yana da sau ɗaya."

Matar da ta shekara tara tana dafa shayi da wannan citta, wai yau za ta ɗanɗana ta ji. Afiniki ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya. Maganar tana bakinta: ki mayar da kuɗinki, ga robarki shida. Amma Obiora ya daina ƙirga, yana kallo, ga katan ashirin da biyar rabi a keke rabi a ƙasa. Ta miƙa hannu ta ɗauki kuɗin. Ta ɗauko roba ɗaya daga sabon niƙa ta ba ta, har da rasit.

Tsohuwar ta zauna a inda ta saba. Obiora kuwa ranar ce ya ga damar hira, ya yi ta bayanin yadda za a kai citta Fatakwal, sai da aka yi awa biyu. Da ya tafi, shagon ya yi tsit. Yanzu babu wanda ya hana Afiniki magana sai ita kanta. Ta ga in ta ce "takardar ba ta shafe ki ba," kamar sadaka ta yi mata, bayan ta karɓi kuɗinta a gaban mutane. Mama Osita kuma 'yar kasuwa ce tun kafin a haifi Afiniki, ba ta roƙon ragi a kan abin da aka rubuta. Suka yi hirar ruwan sama da tsadar taki. Da rana ta karkata tsohuwar ta buɗe laima.

"Sai mun gani," ta ce. Ba ta ce sai Alhamis ba.

Alhamis ta zagayo, ba ta zo ba. Afiniki ta sayi masara biyu, ta ci ɗaya, ɗayar ta sandare a takarda. Ta ce ƙila gwiwa ce. Ta kira sau ɗaya, wayar a kashe, sai ta ji wani sauƙi mara daɗi, ta ce ai ta gwada. Oda kuwa sai shigowa take ta waya. Kuɗi ya shigo, direba ya zo ya ɗauka, babu wanda ya tambaye ta yaya ta kwana. Ta wuni da inji, ta koma gida ta dafa abincin mutum ɗaya. Wata rana ta kama kanta tana ba robobi labarin yadda limamin cocinsu ya manta takardar wa'azinsa a gida.

Alhamis ta biyu ma haka. A ta uku ta rufe shago da tsakar rana, ta zuba roba shida a leda, ta hau acaɓa zuwa gidajen reluwe. Shekara tara, yau ne farkon zuwanta gidan, abin da ita kanta sai a kan babur ta lura da shi.

Ƙofar a buɗe take. An sauke labule, an jingina katifa a bango, tukwane a cikin buhu. Mama Osita na zaune a kan akwatin ƙarfe tana naɗe faranti a tsoffin zannuwa.

"Maman Serah! Yesu. Ka san hanya?"

"Mama, me ke faruwa? Ina za ki?"

"Inugu. Asabar. Osita ya biya mota."

Afiniki ta ajiye ledar a ƙasa. Maganar da ta yi mako uku tana juyawa ta fito gaba ɗaya, ba tsari: takardar ta baƙi ce, don Obiora aka yi ta, ba ta taɓa nufin ta da ita ba, ga roba shida ta kawo, a ci gaba kamar da.

Tsohuwar ta saurara har ta gama, sannan ta matsa mata wuri a kan akwatin.

"Zauna. Ka ga Osita, shekara biyar yana ce mini, Mama, dawo gida, wa kake da shi a Kafanchan? Ni ina ce masa ina da bizines, ba zan bar kastoma na ba. Da na ga takarda, na ce to, katan biyu ne, bari in yi katan biyu. Na kira shi, na ce ya turo mini dubu ɗari da ashirin. Ya ce, to Mama, nawa kake saye, nawa kake sayarwa? Yaron ya yi makaranta." Ta yi 'yar dariya. "Na ce ina saye dubu biyu da ɗari biyar. Ya ce sayarwa fa? Na ce dubu biyu da ɗari biyar."

Afiniki ta dube ta. "Ba riba?"

"Wane riba? Matan coci suna taimako na ne su kwashe, don in samu kuɗin wani Alhamis. Shi ya ce, Mama, wannan ba bizines ba ne, haɗa kaya."

"To don me? Shekara tara, Mama?"

"Da farko akwai riba, kaɗan. Daga baya ƙafa ya ƙi yawo." Ta ci gaba da naɗe farantin. "Mu 'yan kasuwa, ba a shiga shagon mutum ranar aiki a zauna hannu banza. Ana tare masa ƙofa. In ka saya, kana da kujera. Uwa na ya koya mini haka."

"Da kin zo kawai. Ko ba ki sayi komai ba. Wa zai ce miki tashi?"

"Ka taɓa ce mini haka?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Afiniki ta laluba shekarun nan tara, Alhamis bayan Alhamis, tana neman rana ɗaya da ta ce mata ki zo don ina son zuwanki. Ba ta samu ba. Kullum abin da take cewa a bakin ƙofa shi ne, zan ajiye miki shidanki.

"Ni ma ban ce ba," in ji tsohuwar. "Kada ka yi kuka a kan kaya na, zai jiƙe. Kuma kada ka taɓa takardan nan saboda ni. Takarda mai kyau ne. Obiora yana da gaskiya, ko da yake bakinsa kamar na agwagwa."

Afiniki ta ce za ta kira Osita da kanta, ta roƙe shi. Mama Osita ta girgiza kai. An riga an gaya wa mai kula da gidajen reluwe za a mayar masa da makulli, jikoki an gaya musu, ɗaki an share mata a Inugu. Kuma gaskiya, ta ce, gwiwar ba ta ƙara shekara ɗaya a nan ita kaɗai.

Can Afiniki ta dubi kayan da aka tara a tsakar ɗaki, ta ga kwalaye an ɗaure su da tsumma, gindinsu a buɗe, faranti a ƙasa littattafan waƙa a sama. Haka za a jefa su a but ɗin mota, kafin a kai Makurɗi rabi sun farfashe.

"Wa ya ɗaure miki waɗannan?"

"Ni."

"Ba haka ake yi ba."

Ta fita ta tare mai acaɓa, ta koma shago, ta dawo da katan ɗinta bakwai sababbi da salatif da igiya da maka ta rubutu. Ta zazzage komai ta sake shiri. Masu nauyi a ƙasa, zannuwa a kusurwoyi don kada kaya su yi motsi, salatif uku a gindi, igiya a gicciye da wurin riƙo. Robobin shida ta cusa su a tsakanin tufafi. Hannun Afiniki ya san aikin nan, bai jira ta ba, ita kuwa tana yi hawaye na zuba, tana sharewa da kafaɗa. Mama Osita na miƙo mata kaya ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wanda ya ba ta kowanne da shekarar.

Da aka gama Afiniki ta durƙusa da maka a gaban katan na farko.

"Wane suna zan sa? Na Osita?"

"Sa nawa. Ijeamaka."

Afiniki ta tsaya da makar a sama. "Yaya ake rubutawa?"

Tsohuwar ta faɗa mata harafi bayan harafi, ita kuma ta rubuta, sau bakwai, da Inugu a ƙarƙashin kowanne.